Yadda Ake Shirya Aikin Saka Alamomin Rubutu da Manyan Baƙaƙe, a Warware Shi, a Duba Shi

A makarantun dare da azuzuwan Islamiyya na unguwannin Hausawa a Legas, kamar Agege da Idi-Araba da Obalende, akwai wani aiki da malaman boko suke yawan bayarwa. Ana buga wa ɗalibai jimloli ba aya, ba waƙafi, ba babban baƙi ko ɗaya, a ce su gyara. Aikin yana da sauƙin bayarwa, amma yawanci ba a cin moriyarsa, domin ɗalibi yakan fara daga kalmar farko yana yayyafa alamomi duk inda numfashinsa ya ƙare, malami kuma ya ja jan biro ya ba da maki, a tashi ba wanda ya san dalilin kuskuren. Abin da ke gyara wannan shi ne bin aikin daki-daki: a fara gano inda kowace jimla ta ƙare, sauran alamomi su biyo baya, babban baƙi ya zo a ƙarshe. Wanda ya gano iyakar jimla ya ci rabin aikin. Wanda bai gano ba, ko ya haddace sunayen alamomin duka, takardarsa za ta fito a hargitse.

Shirya takardar

Kada ka ƙirƙiro jimlolin kai tsaye ba alamomi. Fara rubuta su cikakku, da kowace alama a wurinta, ka ajiye wannan a matsayin amsa. Daga nan ka kwafa, ka tuɓe alamomin daga kwafin. Malamin da ya tsallake wannan mataki shi ne wanda ɗalibai suke kamawa a gaban allo yana kame-kame, don shi kansa bai yanke shawarar inda aya za ta zauna ba.

Ga masu farawa, jimloli biyar zuwa takwas sun isa, kowace a layinta. Ga waɗanda suka ɗan yi nisa, a ba su sakin layi ɗaya mai kalmomi 60 zuwa 80, a haɗe, ba a raba shi. Abin da ya wuce haka yana gajiyar da ido, musamman a ajin dare inda ɗalibin ya wuni a kasuwa ko a kan babur.

Idan a kwamfuta kake aiki da Word, ka zaɓi rubutun ka danna Shift+F3 har ya koma ƙananan baƙaƙe, sannan ka buɗe Ctrl+H ka cire aya da waƙafi da sauransu ɗaya bayan ɗaya. A Google Docs kuma hanyar ita ce Format, sai Text, sai Capitalization, sai lowercase. Amma a nan akwai inda ake yin ɓarna. Alamar hamza da ke cikin sa'a da ma'ana da 'yan da 'ya'ya ba alamar tsayawa ba ce, ɓangare ce ta rubutun kalmar. In ka share ta tare da alamar zance, ka mayar da 'ya zuwa ya, ka kuma ba ɗalibi aikin da ba shi ka yi niyya ba. Haka lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, a bar su yadda suke. Karan ɗori na kalmomi irin su sannu-sannu da faɗi-tashi shi ma ni nakan bar shi, sai ranar da shi ne darasin. Bayan ka gama, sake duba farkon kowane layi, domin Word yakan mayar da harafin farko babba da kansa da zarar ka ƙara rubuta wani abu.

In za ka kai shagon buga takardu, mayar da aikin PDF tukuna. Ba kowace kwamfutar shago ce ke da nau'in rubutun da ke ɗauke da baƙaƙe masu lanƙwasa ba, kuma mai shagon da ba ya jin Hausa ba zai lura cewa ƙ ta koma akwati ba. Ka bar tazara mai faɗi tsakanin layuka, ninki biyu, don ɗalibi ya sami wurin gyara. Sannan ka tabbata ƙarshen layi bai riƙa faɗowa daidai ƙarshen jimla ba, in ba haka ba takardar da kanta ta ba da amsa.

Rubutun da za mu yi aiki a kansa

Ga misali mai kalmomi 74. Labarin da sunayen mutanen ƙirƙira ce, amma wuraren kowa a Legas ya san su:

ran talata da asuba motar alhaji sabo ta iso kasuwar mile 12 daga kano da ta tsaya sai 'yan dako suka taso suka fara sauke tumatir attarugu tattasai da albasa yaron motar ya dubi direba ya ce malam isa nawa ne kuɗin dakon direba ya ce ban sani ba sani ne ya yi cinikin yana agege sai gobe zai dawo yaron ya riƙe baki ya ce kai ashe yau ba za mu koma ba

Mataki na farko: karantawa, biro a ajiye

Ɗalibi ya karanta rubutun duka sau biyu kafin ya taɓa shi, kuma gara ya karanta da murya ko da ƙasa-ƙasa. A karatun farko zai yi tuntuɓe, kuma tuntuɓen yana da amfani, don duk inda ya koma baya ya sake karantawa, a nan akwai iyakar da ba a nuna ba. Bayan karatu na biyu sai malami ya yi tambaya uku da baki: su wa ke cikin labarin, a ina abin ya faru, mutum nawa ne suka yi magana? Wanda bai iya amsa waɗannan ba bai shirya saka alama ba, domin alamomin ma'ana suke bi.

Mataki na biyu: gano iyakar jimla

Nan ne ya kamata a daɗe. Da fensir za a yi, kuma ba aya za a saka ba tukuna, karan tsaye kawai za a ja a duk inda ake zaton zance ya kammala.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tsaya inda numfashi ya tsaya. Ba ta wadatar, domin mai karatu a hankali yana numfashi bayan kalma uku, mai sauri kuma yana cinye layi biyu. Hausa tana da wata alama da ta fi numfashi tabbas, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban aikatau suna nuna wanda ya yi aikin da lokacinsa: ya, ta, suka, yana, zai, za mu, ban. Ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin kowace. A misalinmu zai sami ta iso, ta tsaya, suka taso, suka fara, ya dubi, ya ce, da sauransu. Sai ya tambayi kansa a kan kowace: wa ya yi wannan aikin? Duk inda mai aikin ya canza, kuma aka ambaci sunansa sabo, to iyakar jimla tana nan kusa, gab da sunan.

Dubi wurin da aka ce albasa yaron motar ya dubi direba. Kafin nan 'yan dako ne ke aiki, su ne suka taso, suka fara. Ya dubi ba nasu ba ne, na mutum ɗaya ne, kuma an ambace shi: yaron motar. Don haka karan tsaye zai faɗa tsakanin albasa da yaron. Ba a buƙatar numfashi don a gane wannan.

Wurin da ya fi kama ɗalibai shi ne daga kano da ta tsaya. Kalmar da tana da ayyuka da yawa. Tana haɗa abubuwa, kamar tattasai da albasa. Tana nuna lokaci, kamar da asuba. Tana kuma buɗe zancen da ke jiran cikonsa, kamar da ta tsaya, sai kaza ya faru. Ɗalibin da ya ɗauke ta a matsayin mai haɗawa zai wuce kano ba tsayawa, ya je ya dasa aya bayan tsaya. Gwajin da ke warware wannan shi ne a karanta guntun shi kaɗai a ji ko ya tsaya da ƙafarsa. Motar ta iso daga Kano ya kammala. Da ta tsaya bai kammala ba, kunne yana jiran a ce sai me. Tunda yana jiran abin da ke gabansa, to farkon sabuwar jimla ne.

Sai tarkon da aka ɗana da gangan: ban sani ba sani ne ya yi cinikin. Irin wannan korewa a Hausa tana da baki biyu, ban a farko, ba a ƙarshe. Idan ɗalibi ya ga ban, ya nemi ba ɗinta. Inda ta faɗo, a nan korewar ta rufe. Ban sani ba ya cika, abin da ya biyo baya sabon zance ne, kuma sani na biyu mutum ne, tunda shi ne ya yi ciniki. Wannan dabarar ta neman ba ta biyu tana aiki a jimlar ƙarshe ma: ba za mu koma ba.

Wani lokaci rubutu yana karɓar iyaka biyu, kuma duka daidai ne. Ɗauki wannan: motar ta iso jiya da daddare aka sauke kaya. Ana iya rubuta Motar ta iso jiya. Da daddare aka sauke kaya. Ana kuma iya rubuta Motar ta iso jiya da daddare, aka sauke kaya. A na farko sauke kayan ne aka yi da daddare, a na biyu isowar motar ce. In irin wannan ta shigo takardarka, ko dai ka karɓi duka biyun, ko ka sake gina jimlar. Ni a ganina a bar ɗaya da gangan a kowane aiki, a sa ɗalibai biyu su karanta nasu a gaban aji, domin gardamar da za ta biyo baya ta fi bayanin malami shiga kai.

Mataki na uku: ware maganar bakin mutane

A nemi duk inda aka ce ya ce, ta ce, suka ce, ya tambaya, ya amsa. A misalinmu ya ce ya zo sau uku. Amma ba duk ya ce ne ke jawo alamar zance ba, kuma abin da ke bambantawa shi ne wakilin sunan da ya biyo baya. In an rubuta direba ya ce bai sani ba, marubuci ne ke ba da labari, ba a buɗe komai. In an rubuta direba ya ce ban sani ba, to direban ne ke magana da bakinsa, don shi ne zai kira kansa ban. Haka idan cewa ko wai ta biyo bayan ya ce, labarin magana ne, ba maganar ba.

Buɗe alamar zance ba ya ba kowa wahala, rufewar ce matsala. Ɗalibai da dama sukan rufe a ayar farko, su bar sauran maganar a waje. Maganar direba jimla uku ce: bai sani ba, Sani ne ya yi cinikin, yana Agege. Duka cikin alama ɗaya suke, ba a rufewa sai inda mai ba da labari ya karɓi zancen, wato a yaron ya riƙe baki. Hanyar ganewa ita ce a tambaya a kan kowace jimla: wannan daga bakin wa ta fito? Bayan an gama, a ƙirga. Yawan buɗewa dole ya yi daidai da yawan rufewa.

Ana saka waƙafi bayan ya ce kafin a buɗe alamar. Wasu marubuta suna saka ruwa biyu a wurin, kuma ba laifi ba ne, sai dai ɗalibi ya riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe. Alamar ƙarshen maganar tana shiga ciki kafin a rufe. In mai magana ya canza, a sauka sabon layi.

Mataki na huɗu: wace alama ce za ta zauna a kowane karan tsaye

Yanzu a koma kan karan da aka ja, a mayar da kowanne aya ko alamar tambaya ko alamar motsin rai. Yawanci aya ce. Motsin rai yana bayyana kansa da kalmomi irin su kai, ashe, wayyo, tir, madalla, da abin da mai maganar ya yi, kamar riƙe baki. Alama ɗaya ta isa. Jera uku ko huɗu al'adar saƙon waya ce.

Tambaya ce ke buƙatar hattara, domin kalmomin tambaya a Hausa suna da tagwaye a rubuce. Nawa yana iya zama tambayar kuɗi, yana iya zama mallaka: nawa ne buhun, da buhun nawa ne. Na biyun ma yana karɓar duka biyu, sai abin da ke kewaye da shi ya raba gardama. Ina za ka tambaya ce, ina zuwa ba tambaya ba ce. Wa ya zo tambaya ce, na saya wa Binta ba tambaya ba ce. A baki karin sauti da tsawon wasali suna bambanta su, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Don haka ɗalibin da aka koya wa cewa duk inda ya ga nawa ya saka alamar tambaya, an koya masa kuskure. A misalinmu yaro ya tambaya, direba ya amsa da ban sani ba, kuma amsar ce shaida.

Akwai kuma tambayar da aka ba da labarinta: ya tambaye ni yaushe zan koma Kano. Wannan aya take ɗauka, don ba a tambayar mai karatu komai. Sannan akwai wadda ba ta da kalmar tambaya sam, kamar audu ya zo. In ka buga ta ita kaɗai, ba wanda zai iya sanin labari ce ko tambaya. Mai shirya takarda ya sa mata shin ko ya biyo ta da amsa.

Ga waɗanda hannunsu ya saba da rubutun Larabci, a lura da fuskar alamar. Sukan juya alamar tambaya da waƙafi yadda ake yi a Larabci. Sun gane wurin, hannu ne ya bi sabo, don haka gyara ake yi, ba a rage maki a karon farko.

Mataki na biyar: waƙafi

A fi mayar da hankali ga wurare huɗu, kuma ɗalibi ya iya faɗin dalilin kowane waƙafin da ya saka. Na farko jerin abubuwa: tumatir, attarugu, tattasai da albasa, ba a saka shi kafin da ta ƙarshe. Na biyu bayan zancen da ya buɗe jimla yana jiran ciko, irin mai farawa da idan, da, bayan, ko da yake: Da ta tsaya, sai 'yan dako suka taso. Na uku bayan ya ce. Na huɗu wajen kiran mutum.

Wannan na huɗun shi ne ake yawan mantawa, kuma shi ne mai sauya ma'ana ƙwarai. Rubuta wannan a allo: ba shi kuɗin alhaji. In aka rubuta Ba shi kuɗin Alhaji, ana nufin a miƙa wa wani kuɗin da Alhaji ya mallaka. In aka rubuta Ba shi kuɗin, Alhaji, to Alhaji ake roƙo ya biya. Duk ɗan kasuwar da ke aika saƙon waya tsakanin Mile 12 da masu lodi a Arewa zai gane nauyin wannan bambanci ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuskuren da ya fi yawa a ɓangaren waƙafi ba rashin sa ba ne, saka shi ne tsakanin mai aiki da aikinsa: Yaron motar, ya dubi direba. Wannan daga bin numfashi yake zuwa. Kuskure na biyu shi ne ɗinke jimloli biyar da waƙafi ba aya ko ɗaya. Wanda ke yin haka matsalarsa tana mataki na biyu, can za a mayar da shi.

Mataki na shida: manyan baƙaƙe

An bar su ƙarshe ne don rabinsu ya dogara da aikin da aka riga aka yi. Zagaye biyu ake yi. A na farko a bi kowace aya da alamar tambaya da ta motsin rai, a ɗaga harafin da ke biye, haka harafin farko na maganar da ke cikin alamar zance. A na biyu a farauto sunaye: na mutane, garuruwa, unguwanni, ranaku, watanni, harsuna, ƙabilu, addinai, da sunan Allah.

Sunayen Hausawa da yawa suna da abokan kama a cikin kalmomin yau da kullum, kuma a rubutu marar manyan baƙaƙe ba su da bambanci. Sani da sani, Isa da isa, Musa da musa, Azumi da azumi, Sabo da sabo. Na sani magana ce, na Sani kuma mallakar wani ce. Sabo ma a Legas yana iya zama mutum, yana iya zama unguwa, kamar Sabo ta Yaba, yana iya zama kishiyar tsoho. Gwajin shi ne a cire kalmar a sa wani suna da ba shi da tagwai, kamar Haruna. Haruna ne ya yi cinikin ya zauna daidai. Ban Haruna ba bai zauna ba.

Laƙabi irin su malam, alhaji, hajiya, sarki yana ɗaukar babban baƙi in ya jingina da suna, ko in ya tsaya a madadin sunan wani sananne. Malam Isa da babba, wani malami ya zo da ƙarami. Direba da 'yan dako sana'a ce, ƙarami ne, sai in sun buɗe jimla.

Sai abin da ya shafi siffar harafin. A baƙaƙe masu goyo kamar sh, ts, ky, gw, ƙw, na farko kaɗai ake ɗagawa: Shehu, Tsafe, Gwarzo. In jimla ta fara da 'yan, hamza tana nan a gaba, y ce ke girma: 'Yan dako sun taso. Ɗaliban da suka fara karatu a Nijar, kuma suna da yawa a Legas, za su iya rubuta wannan harafin da y mai lanƙwasa, Ƴan, don haka ake rubutawa a can. A sanar da su yadda ake yi a Nijeriya, kada a lissafa shi kuskuren babban baƙi. A kuma koya wa kowa siffar Ɓ da Ɗ da Ƙ a allo, domin da yawa sukan jefar da lanƙwasar da zarar harafin ya girma, Ɗanladi ya koma Danladi.

Ga yadda misalin zai fito:

Ran Talata da asuba motar Alhaji Sabo ta iso kasuwar Mile 12 daga Kano. Da ta tsaya, sai 'yan dako suka taso, suka fara sauke tumatir, attarugu, tattasai da albasa. Yaron motar ya dubi direba ya ce, "Malam Isa, nawa ne kuɗin dakon?"

Direba ya ce, "Ban sani ba. Sani ne ya yi cinikin. Yana Agege, sai gobe zai dawo."

Yaron ya riƙe baki ya ce, "Kai! Ashe yau ba za mu koma ba!"

Duba takardu

Kafin ka ɗauki jan biro, ƙirga abin da ke cikin amsarka. A nan akwai alamomin ƙarshen jimla 8: aya 5, tambaya 1, motsin rai 2. Alamar zance an buɗe an rufe sau 3. Waƙafi 9 ne. Manyan baƙaƙe 18, daga ciki 11 na farkon jimla ko farkon magana, 7 kuma na sunaye zalla: Talata, Alhaji, Sabo, Mile, Kano, Isa, Agege.

Kada ka haɗa su ka ba da maki ɗaya. Rubuta huɗu a gefen takarda, kowane ɓangare da nasa. Ɗalibin da ya sami 17 cikin 18 a manyan baƙaƙe da 3 cikin 9 a waƙafi ya san abin da ke gabansa, kai ma ka san darasin mako mai zuwa. In kusan dukan aji suka faɗi a wuri ɗaya, to laifin na darasi ne ko na jimlar.

Sannan ka ware wuraren da ake da zaɓi tun kafin ka fara. Waƙafin bayan suka taso ana iya barinsa. Bayan da asuba ana iya ƙara shi. Bayan Agege aya ma ta yi, muddin an ɗaga Sai. Kai, ashe yau ba za mu koma ba! da waƙafi a madadin alamar farko shi ma karɓaɓɓe ne. Wasu za su rubuta Kasuwar Mile 12 da babban K, suna ɗaukar ta a cikin sunan wurin, kuma ana ganin haka a rubuce-rubuce. Abin da ba ya karɓuwa shi ne wanda ya karya ma'ana ko ya saɓa wa kansa, kamar aya da ƙaramin harafi a bayanta.

Kada a hukunta kuskure ɗaya sau biyu. Wanda ya rasa ayar bayan Kano dole ya rasa babban D na Da, don haka maki ɗaya ya kamata ya tafi. A ɗaya gefen kuma, alamar da aka saka inda ba ta da gurbi a rage mata rabin maki. In ba a yi haka ba, mai wayo zai sa waƙafi bayan kowace kalma ya kwashe makin duka.

Wajen mayar da takardu, ba sai ka gyara musu ba. Sa ɗigo a bakin layin da ke da kuskure, ɗigo biyu in kuskuren biyu ne, ka bar ɗalibin ya nemo. Sannan a zauna bibbiyu, ɗaya ya karanta takardar ɗan'uwansa da murya daidai yadda aka sa alamomin, ya tsaya cak a kowace aya ko da a tsakiyar zance take, ya zarce inda babu. Mai takardar yakan ji kuskurensa da kunnensa kafin a nuna masa.

Yaran da aka haifa a Legas, masu karatun Turanci da Yarabanci a makarantar safe, sukan zo da sanin alamomin amma Hausarsu ta rubutu ba ta nuna ba, sai su kasa bambanta kalmar da mai haɗawa da wadda ke buɗe zance. Su a tsawaita musu mataki na farko da na biyu. Manya kuma da suka taso da allo da ajami, kunnensu ya san inda zance ke tsayawa, babban baƙi ne baƙo a wurinsu tunda haruffan Larabci ba su da babba da ƙarami. Su a ba su jimloli guntaye masu cike da sunaye. In ajinka ya haɗa duka biyun, zaunar da su gauraye lokacin karanta wa juna.

Bayan aji ya saba da sakin layi irin wannan, sai a juya aikin. Kowane ɗalibi ya rubuta jimloli biyar nasa da cikakkun alamomi, ya kwafe su a wata takarda ba alama, ya miƙa wa na kusa da shi ya gyara, sannan a gwada da na asali. Inda suka saɓa, kowa ya faɗi dalilinsa, kuma sau da yawa za a tarar mai rubutun ne ya gina jimlar da ke karɓar ma'ana biyu, sai a sa shi ya sake gina ta.